Kwateshan ɗin gyaran gidan Hajiya: wannan kashi 10 ɗin cuta ce ko haka ake yi?

Abban_Khairat: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar gini ku duba min wannan. Gidan mahaifinmu ne muke so mu gyara, Allah ya yi masa rasuwa, Hajiya ce a ciki da ƙannena biyu. Ɗaki uku ne da falo da banɗaki, ginin bulo amma ya tsufa, kwanon yana yoyo ta wajen uku, silin ɗin falo ya yi ciki kamar zai faɗo. Muna so a sake kwano da silin, a kankare filastar da ta lalace a sake, a sa tayal, a sake wayarin, sai fenti. Na kawo wani ɗan kwangila ya zagaya ya auna, bayan kwana uku ya turo min takarda. Kayan aiki 4,200,000, kuɗin aiki 1,300,000, sai wani layi wai kuɗin ko-ta-kwana kashi 10 cikin ɗari, 550,000. Jimla 6,050,000. A can ƙasa kuma ya rubuta wai wannan farashi na kwana 14 ne kawai. To ni abin da ban gane ba, ko-ta-kwanan me? Ba shi ya auna da hannunsa ba? Sannan aikin da ya ce zai ɗauki wata biyu ta yaya farashinsa zai zama na kwana 14? Akwai wani birkila a unguwarmu ya ce a ba shi 4,800,000 komai da komai, shi ba ya wani rubuce-rubuce.

DanBirni77: Wa alaikumus salam. Cuta ce kawai malam, ribarsa ce ya canza mata suna. Ka ce ya cire ko ka ba na unguwarku.

Maman_Sadiq: Kai ɗan uwa kar ka soma wannan "komai da komai" ɗin, ni ganau ce. Shekara biyu da suka wuce muka ba wani gyaran shagona da ɗaki ɗaya a baki, muka yi jinga ya ce komai nasa, da aka zo rabin aiki sai ya ce ai shi komai ɗin da yake nufi ban da ƙofofi da taga, da aka zo fenti ya ce shafa ɗaya ya yi lissafi, in ina son biyu in ƙaro bokiti. Ba takarda ba shaida sai wani maƙwabci da shi ma ya ce bai riƙe maganar ba. Ƙarshe abin da na kashe ya haura wanda na guda tun farko, ga ɓacin rai, har yau ba ma gaisawa sosai.

Injiniya_Tsoho: Abban Khairat, Allah ya jiƙan mahaifi. Kafin a zo kan kashi 10, tambaya ɗaya: wannan 4,200,000 na kaya, dunƙule ya rubuta shi a layi ɗaya ko ya warware? Ina nufin siminti buhu kaza a kan kaza, kwano kaza, katako kaza. In dunƙule ne to ba kwateshan ya ba ka ba, lamba ya ba ka.

Abban_Khairat: Amin Yallaɓai, na gode. Ya warware wasu, akwai shafi na biyu. Siminti buhu 60 a kan 10,000, tayal kwali 60, yashi tifa biyu, fenti bokiti 8, amma kwano da katako ya haɗe su wuri ɗaya ya ce "rufi", wayarin ma haka.

Injiniya_Tsoho: To madalla, ya yi rabin aiki. Ka mayar masa ya warware rufin nan domin a nan kuɗin yake, kuma a nan ake yin wasa. Kwano ba ɗaya ba ne. In alminiyam dogo ne akwai mai kaurin 0.45 akwai 0.55, akwai ma wanda bai kai haka ba, a ido daga ƙasa duk ɗaya suke, amma kuɗinsu da daɗewarsu ba ɗaya ba. In bai rubuta kauri ba, gobe ya sa maka marar kauri ba ka da bakin magana, domin "rufi" ya ce kuma ya rufa. Katako ma ya rubuta 2x4 guda nawa, 2x3 nawa, kuma ko za a shafa masa maganin gara. Wayarin ya faɗi wace waya, 1.5 ta fitilu, 2.5 ta soket, da sunan kamfanin.

Shi kuma ko-ta-kwana, DanBirni ba haka ba ne. A sabon gini kana ganin komai tun daga tushe. A tsohon gida kuwa mai awo bangon waje kawai ya gani. Bai ga abin da ke bayan silin ba sai an ɓalle shi, bai san ko filastar da ya bubbuga ita kaɗai ce ta mutu ko bulon da ke ƙarƙashinta ma ya zama gari ba. Wannan kuɗin na abin da ido bai gani ba ne. Kashi 10 a gyaran tsohon gida ba yawa ba ne, ni in na ga alamar danshi a gindin bango har 15 nakan ce a ware. Amma ga inda maganar take: kuɗin naka ne, ba nasa ba. Ba a miƙa masa shi tare da kafin alƙalami. Yana hannunka, sai abu ya ɓullo, ya kira ka ka gani da idonka, a rubuta me za a yi da nawa, ku sa hannu, sannan a taɓa. In aka gama aiki ba a taɓa ba, ko an taɓa rabi, sauran ya zauna a aljihunka.

DanBirni77: Yallaɓai a takarda kenan. A zahiri duk ɗan kwangilar da ya san akwai 550,000 a ajiye wallahi sai ya nemo matsalar da za ta cinye ta daidai wa daida, ko naira ba za ta yi saura ba.

Injiniya_Tsoho: Akwai masu haka, ban musa ba. Shi ya sa ake tsayar da farashin ɗaiɗai tun yanzu. Misali a rubuta: an ƙiyasta za a canza katako 2x4 guda 30, duk wanda ya ƙaru a kan kaza ne guda ɗaya har da kuɗin kafinta. Ranar da aka buɗe silin sai ku ƙirga ruɓaɓɓun tare, a tara su gefe. In 45 ne ka biya 15 a farashin da aka riga aka rubuta, in 20 ne a rage maka na 10. Ba zai ƙirƙiro gara ba ai.

Auwalu_MaiTayal: Salam. Ni tayal nake sawa, bari in duba nawa ɓangaren. Alhaji ɗakunan nawa-nawa ne, kuma wane tayal?

Abban_Khairat: Ɗakuna 12 da 12 ne duka ukun, falo 12 da 16. Tayal 60 da 60 ya ce.

Sani_Lissafi: Bari in riga Auwalu. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 wajen murabba'in mita 13 ne da ɗoriya, uku ya kama 40. Falo wajen 18. Duka 58. Kwalin 60 da 60 guda huɗu ne a ciki, yana rufe 1.44. In ka raba ya ba ka kwali 40 da 'yan kai, ka ƙara kashi 10 na yanka da fashewa, 45. Shi ya rubuta 60. Ina kwali 15 za su? Ka ga irin abin da DanBirni yake faɗa.

Auwalu_MaiTayal: Malam Sani lissafinka daidai ne amma ba ka gama ba, ƙasa kawai ka auna. Ina sikatin, wanda ake zagaye gindin bango da shi? Daga jikin tayal ɗin muke yankawa, ɗaki uku da falo in ka bi bango ya kai mita 60, wannan kaɗai zai ci kwali biyar. Sannan gidan ba baranda? Alhaji ka duba.

Abban_Khairat: Akwai baranda doguwa gaban ɗakunan, faɗinta kamar ƙafa 4, tsawo wajen 30, kuma eh ya ce har ita.

Auwalu_MaiTayal: To ka gani, wannan murabba'in mita 11 ce, kwali 8. 45 da 5 da 8, 58 kenan. Biyun da suka rage ma ni cewa zan yi ka ajiye su a ɗaki, domin bayan shekara in ɗaya ya fashe ka koma kasuwa da wuya ka sami irinsa, ko ka samu kalar ba za ta zo ɗaya ba. Mutumin nan bai cuce ka a tayal ba. Laifinsa kawai shi ne bai rubuta inda kowane kwali zai shiga ba.

Sani_Lissafi: Na karɓi gyara, ban san da barandar ba. Amma ka ga dai sai da aka warware aka gane.

Ummu_Hanan: Don Allah tunda ana maganar tayal, wanne ya fi tsakanin mai sheƙi da marar sheƙi a banɗaki? Kakata ta taɓa zamewa.

Auwalu_MaiTayal: Marar sheƙi mai ɗan kaushi Hajiya, a ƙasa kenan, mai sheƙin a bar shi a bango.

Bala_Kwangila: Ni ɗan kwangila ne ƙarami, bari in kare abokin sana'ata a kan kwana 14 ɗin nan, don na ga mai tambaya bai fahimce shi ba. Ba cewa ya yi bayan kwana 14 da fara aiki zai canza maka farashi ba. Cewa ya yi kana da kwana 14 ka ce na yarda ka ba da kuɗin kaya. In ka yi haka a cikin kwanakin, farashin ya ɗaure shi. In ka ajiye takardar a aljihu ka dawo bayan wata uku ka ce a fara, to sai an sake zagaya kasuwa. Kuma wanda ya ga abin da ya faru farkon 2024 ba zai zarge mu ba. Siminti yana wajen dubu biyar da wani abu, cikin 'yan makonni a watan Fabrairu ya haura dubu goma a wurare da yawa, sai da gwamnati ta zauna da su Dangote da BUA aka ce a sayar tsakanin 7,000 da 8,000. Ni a lokacin ina da aikin katanga da na ba da farashi a baki tun Disamba, mai aikin ya ce shi dai magana ɗaya muka yi, na ƙarasa da kuɗin aljihuna, babur ɗina na sayar. Tun daga nan ko ƙanina ne sai na rubuta kwanaki. Da can wata ɗaya muke sawa har wata uku, yanzu wasu ma kwana 7 suke sawa, masu rodi a Ƙofar Ruwa kuwa in ka tambaya da safe sai su ce maka na yau ne.

Abban_Khairat: Malam Bala wallahi ka warware min, ni na ɗauka kwana 14 da fara aiki ne. Amma ga matsalar, kuɗin ba a hannu suke duka ba. Mu huɗu ne muke haɗawa, yanzu akwai kamar miliyan uku, yayanmu sai ya sayar da amfanin gona zai kawo nasa, wannan kuma sai bayan kaka. Ke nan in na ce na yarda na ba da rabi, sauran rabin farashinsa ya tsaya?

Bala_Kwangila: A'a gaskiya, ba wanda zai tsayar maka da farashin kayan da ba ka ba da kuɗinsu ba har wata biyar, in ma ya ce ya yarda to ko ya riga ya cusa ƙari a ciki ko zai gudu ya bar maka aiki.

Sani_Lissafi: To ba amfanin ko-ta-kwanan kenan ba? In siminti ya tashi daga 10,000 zuwa 11,000, buhu 60 dubu sittin ne kacal, a cira daga 550,000 ɗin a wuce wurin.

Injiniya_Tsoho: Nan ne ni ban yarda ba Malam Sani. In ka bar tashin farashi ya shiga cin wannan kuɗin, siminti ya ɗiba, fenti ya ɗiba, waya ta ɗiba, ranar da aka fasa banɗaki aka tarar fayif ya ruɓe yana tsiyaya cikin bango sai ka duba asusun ka ga wayam. Abu biyu ne daban, kowanne da layinsa. Abin da zan ba Abban Khairat shawara, a raba takardar gida biyu. Kashi na farko rufi da silin da wayarin, domin wayar ta cikin silin take bi, ba ka so a rufe a dawo a ɓalle. Wannan a biya kayansa yanzu cikin kwana 14 ɗin, farashinsa ya mutu. Kashi na biyu filasta, tayal, fenti, a rubuta adadin kaya ya tsaya yadda yake, buhu 60 buhu 60 ne, kuɗin aiki ma ya tsaya har zuwa wata kaza, amma farashin kaya za a bi na kasuwa ranar saye, da rasit. Ya hau ka cika, ya sauka a rage maka. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suke mantawa su rubuta.

Bala_Kwangila: Yallaɓai na yarda da rabawar, amma kuɗin aiki ya tsaya wata biyar ɗin nan da sauƙin faɗa. Lebura da birkila kullum ake sallamarsu, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota da na abinci suke ja mana kuɗin yini sama. Ni wata uku nake iya ɗaurewa.

Injiniya_Tsoho: To ka rubuta wata uku, shi ma ya san inda ya tsaya. Abin da ba na so shi ne a yi shiru a kai.

Hajiya_Turai: Ni shawarata ta bambanta. Ka sayi kayanka da kanka ɗana, ka ba shi kuɗin aiki kawai. Haka na yi nawa, na je Na'ibawa 'yan katako da kafintan ya zaɓa na biya da hannuna. Kuma tunda kana tsoron tashin farashi ka saye simintin duka yanzu ka jibge a zaure.

Auwalu_MaiTayal: Hajiya a yi haƙuri, tayal da kwano da waya a saya a ajiye ba komai, amma ban da siminti. In ya wuce kamar wata uku ƙarfinsa raguwa yake, balle da damina a zauren tsohon gida mai danshi, sai ka buɗe buhu ka ga ya yi ƙulalai. In ƙulallen yana murƙushewa da yatsa da sauƙi, in ya ƙi to an yi asara. Dole in za a ajiye a ɗora kan katako, kar ya taɓa ƙasa ko bango.

Hajiya_Turai: To ban san wannan ba, nawa sati biyu ya yi aka cinye shi.

Bala_Kwangila: Sayen kaya da kai yana da kyau in kana da lokacin tsayawa. Amma ka sani in kaya suka ƙare tsakiyar yini ma'aikata suka zauna, kai za ka biya yinin. In buhu ya yi ƙafa, naka ne ya ɓata. Sannan in filasta ta tsage zai ce yashinka ne mai ƙasa, kai ka ce hannunsa ne, ba mai raba ku. In shi ya kawo kaya ya yi aiki, wuyansa ɗaya za ka kama.

MalamNaAllo: Allah ya saka wa masu bayani. Ni abin da zan ƙara, wasu suna jin kunyar cewa a rubuta, wai kamar rashin yarda ne, musamman in mai aikin ɗan unguwa ne ko ɗan uwa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Ku sa mutum biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa, tunda ma kuɗin na 'yan uwa huɗu ne gobe wani zai tambaya ina aka kai nasa.

Maman_Sadiq: Malam ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Kuma a rubuta abin da BA ya ciki. Kwashe ɓaraguzai waye? Ruwan aiki waye zai saya? Tsohon kwanon da za a cire na waye? Ni nawa ma'aikata suka kwashe suka sayar wa 'yan gwangwan, da na yi magana aka ce ai haka al'ada take.

DanBirni77: Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya ce min me ya sa na unguwa ya ce 4,800,000 wannan ya ce 6,050,000. Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin fa.

Sani_Lissafi: Cire 550,000 tukuna tunda an ce tana hannun mai gida, saura 5,500,000. Bambancin gaskiya 700,000 ne. Shi kuma ba mu san me na unguwar zai sa ba, wane kwano, shafa nawa, da baranda ko babu. Zai iya yiwuwa ya fi araha da gaske don ba shi da yaran ofis, zai iya yiwuwa kuma bai lissafa rabin abin ba.

Injiniya_Tsoho: Hanya mai sauƙi, a ɗauki jerin kayan ɗan kwangilar bayan ya warware, a goge farashin, a ba birkilan ya cike nasa a kan layukan nan. In bai iya rubutu ba wani ya rubuta masa yana faɗa, ba aibi ba ne, da yawansu sun fi masu takarda iya aiki. Sannan ne za a san wa ya fi sauƙi. Abu na ƙarshe Abban Khairat, kar ka biya kuɗin aiki gaba ɗaya. A bi mataki, an gama rufi a biya na rufi. Kuma a rubuta za ka riƙe kashi 5 na kuɗin aikin sai rufin ya ga ruwa. A manyan ayyuka wata shida ake riƙewa, kai naka ka ce sai an ga ruwan Agusta.

Bala_Kwangila: Kashi 5 na 1,300,000 dubu sittin da biyar kenan. Zan yarda da wannan in an rubuta ranar da za a ba ni, don wasu masu gidan in suka riƙe sai ka yi ta sintiri kamar mai bara.

Abban_Khairat: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira shi ɗazu, ya yarda zai warware rufi da wayarin ya raba takardar biyu, kwanon ma ya ce 0.45 ya lissafa, in muna son 0.55 zai turo bambancin. Ya yarda ko-ta-kwanan ya zauna a wurina, amma ya ce shi a fahimtarsa in kaya suka tashi daga ciki za a cira, na ce masa sai na yi shawara da yayana. Riƙe kashi 5 ɗin ne ya ɗan yi tsaki ya ce za mu yi magana. Birkilan unguwa kuma na kai masa jerin, ya duba ya ce shi bai sa wayarin a nasa ba sam, wai ai wannan aikin mai lantarki ne. Yau kwana biyar cikin sha huɗun.

Maman_Sadiq: Ka tambaye shi tsohon kwanon fa?

Abban_Khairat: Kash, na manta. Hajiya ma ta ce tana so a yi mata rumfar awaki da shi.